Hoton da Bai Buɗe ba a Tsaskiya

Ni malamin firamare ne a Batsari, kuma in ka tambayi hedimasta zai ce maka ban da surutu ba ni da wani aibu. Amma yawancin waɗanda suka san ni ba da alli suka san ni ba, a waya suka san ni. Ina da shafi a ɗaya daga cikin manhajojin nan na hotuna, inda nake ɗora barkwanci a jere. Hoto biyar ko shida ne a ɗauri ɗaya, mutum ya ga na farko, ya ja da yatsa na biyu ya fito, haka har ya kai ƙarshe. 'Yan boko suna ce masa karosal. Ni ja-ka-gani nake kiransa, har sunan ya bi ni, in na shiga kasuwa ranar Alhamis sai ka ji mahauta suna cewa ga Malam ja-ka-gani nan.

Sana'ar tana da ƙa'ida, kuma ina alfahari da cewa na iya ta. Hoton farko ƙugiya ce, dole ya tsayar da yatsan mai wucewa. Na tsakiya kowanne magana ɗaya tak, abin da kowa zai gani ya ce wallahi haka ake yi. Dariyar kuwa ana ɓoye ta sai hoton ƙarshe, ba a sa ta a rubutun da ke ƙasa, ba a ko nuna alamarta. Wanda ya fi karɓuwa a cikin nawa shi ne na mai babur ɗin Wagini. Hoton farko an ɗora buhun wake. Na biyu tsohuwa ta hau kan buhun. Na uku an miƙa mata akuya. Na huɗu mai babur ya koma kan tanki, gwiwoyinsa a kunnensa. Na ƙarshe ya waiwayo yana cewa, "Saura mutum ɗaya mu tashi." Har yau masu babur ba su daina turo mini gaisuwa a kansa ba, wasu da dariya, wasu da ashar.

A shekarar da matata ta haifi ɗanmu na fari ne sana'ar ta kusa raba ni da iyalina.

Matata 'yar wani dattijon Bafillace ce da ke zaune a gefen Tsaskiya, cikin Safana, yana noma yana kiwo. Baffa muke ce masa. Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Can ta haihu, can aka yi suna, can ta zauna wankan jego, sai ta yi arba'in a dawo mini da ita. Ni kuma na koma gwauro ƙarfi da yaji, daga shayin bakin tasha sai taliyar da nake dafawa ta kwaɓe. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in je in gaida surukai in ga jariri.

Wanda bai taɓa zama suruki a ƙasarmu ba ba zai gane azabar da ke cikin wannan ziyara ba. Tun daga nesa za ka kashe babur ka turo shi. Ka cire takalmi. Ka durƙusa ka gaida Baffa, shi yana kallon gabas kai kana kallon ƙasa, a tambayi gida, a tambayi makaranta, a tambayi ruwa, a tambayi gajiya, a koma kan gida. Daga nan a kai ka ɗakin baƙi, a shigo da abinci. Inna, wato surukata, ba ta taɓa yi mini abinci iri ɗaya kaɗai ba. Tuwon dawa da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, zabo a wani kwano, fura da nono a ƙwarya an rufe da faifai. Ni kuwa kunya ta ce kada ka kuskura. Yaya za a ce surukin gida ya zauna ya lashe kwano? Sai in ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na ci a gida." A bar ni da abincin mu yi ta kallon juna, har a zo a kwashe shi yadda aka kawo. In na fito sai na yi nisa da garin nake tsayawa in sayi rake.

Wata Asabar ina zaune a ɗakin nan, cikina ya yi wani ƙugi har kazar da ke bakin ƙofa ta ɗaga kai. Nan take na san na samu abin ɗorawa. Na zaro waya na ɗauki hoton kwanonin a buɗe, na mayar da murafe.

Da na koma Batsari na zauna na tsara shi hoto shida. Biyar na farko rubutu ne kawai a kan shuɗin fili, da ɗan zanen mutum mai ramammen wuya. Na farko ya ce, "Kullum na je gidan surukaina da yunwa nake dawowa. Ja ka gani." Na biyu, "Na fito tun safe ban karya ba." Na uku, "Na durƙusa gaisuwa har ƙafata ta mutu, ko ruwa bai shiga bakina ba." Na huɗu, "Ƙamshin zabo ya cika gidan, ni ko ƙashi ban tauna ba." Na biyar, "Na dawo gida ina ganin jiri. Jama'a, laifin wa?" Na shida shi ne hoton abincin nan reras, man shanu yana ƙyalli, da rubutu a sama: "An kawo komai. Ni ne na ce na ƙoshi."

Har gobe ina nan a kan bakana, barkwancin ya yi kyau. Surukai daga ko'ina suka cika wurin sharhi. Wani ya ce shi har azumin nafila ya taɓa ƙirƙira a gidan surukai, ranar Talata. Wata ta ce mijinta ya ce ya ƙoshi, da ta leƙa ta taga ta same shi yana lasar murfin kwano. Aka yi ta turawa, aka yi ta ajiyewa. Na kwanta ranar ina jin kaina wani ne.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne sabis ɗin Tsaskiya. A unguwar su Baffa waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu kusa da burtali, nan ma sai ka ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Ƙanin matata, magidanci ne mai saye da sayar da awaki, kuma abokin wasana, yana cikin masu bin shafina. Ya hau tudun, ya ga hoton farko, ya gane maganar gidansu ce. Ya ja, ya ja, har na biyar, duk suka buɗe domin rubutu ne marar nauyi. Da ya ja na shida, wanda shi ne hoto na gaske mai nauyi, sai fili ya yi toka-toka, ɗan zoben nan yana ta juyawa. Ya jira ya gaji, ya ɗauka abin ya ƙare ke nan. Me ma zai jira? Na biyar ya riga ya yi tambaya, laifin wa. Sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa sau biyar, ya gangaro da su.

Kafin kasuwa ta sake ci, hotuna biyar ɗin nan sun zaga wayoyin unguwar daga hannu zuwa hannu, ba sa bukatar sabis. Masu karatun boko suka karanta wa marasa yi. A bakin rijiya aka ji, a wurin masu nono aka ji, cewa malamin nan na Batsari ya shelanta wa duniya gidan Baffa gidan rowa ne, suruki yana zuwa ko ruwa ba a ba shi.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Ina can ina share ɗaki, na sa an yi sabon daɓe, ina ƙirga cewa Juma'a mai zuwa za a kawo mini matata da ɗana. Sai ga kiran matata, ta hau tudun da kanta, jego da komai.

"Malam, me ka rubuta a kanmu?"

Na yi dariya na ce, "Ashe har kin gani? Ya yi daɗi ko?"

Ba ta taya ni dariyar ba. Na san muryar matata, akwai ta gajiya akwai ta hadari, wannan ta hadari ce.

"Inna tun jiya ba ta ci abinci ba," in ji ta. "Baffa ya ce a kwance kayan da aka ɗaure. Ya ce gidan da bai iya ciyar da baƙo na wuni guda, to bari ya gwada ko zai iya ciyar da ɗiyarshi da jikanshi. Ba inda za ni."

"Ke, ba ku ga na shida ba?"

"Wane na shida?"

Sabis ya ɗauke.

Na zauna a kan sabon daɓen nan, raina ya ɓaci, kuma gaskiya ba da kaina na fara jin haushi ba. Da ƙaninta na fara. Mutum ya ga ɗigo shida a ƙasan hoto, ya ja biyar ya tsaya? Ko jaki in an ɗora masa mangala ai yakan kai ta gida. Na tura masa hoton na shida shi kaɗai, ya tsaya a hanya bai shiga ba. Na kira shi, waya a kashe. Na yi tunanin goge abin daga shafin, sai na ga ba amfani, wanda ke cikin wayoyin Tsaskiya ba zai gogu ba, kuma in na goge ma na shidan ne kawai zai ɓace, shi ne kuwa shaidata. Da haushin ya lafa sai tsoro ya shigo. Ina son matata, kuma ɗan nan sau nawa ma na ɗauke shi, kullum a gaban mutane ina yi kamar ban damu da shi ba saboda kunyar ɗan fari.

Washegari na nemi izini a makaranta, na biya wurin kawuna a Darini na roƙe shi ya raka ni, domin irin wannan magana ba a zuwa da baki ɗaya. Kawu ya sa na nuna masa hotunan tun daga farko. Yana ja yana tsaki, yana ja yana salati. Da ya kai na shida ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ɗauke ta ya kaɗe ya ce, "Kai dai wawa ne. Tashi mu tahi."

Mun isa da hantsi, gero ya yi kai a gonaki ana shirin girbi. Na kashe babur tun daga nesa kamar kullum. Amma yau ba ɗakin baƙi aka nufa da mu ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, dattawan unguwa sun zauna, har da liman. Baffa yana gefe a kan buzunsa, ya ja rawani ya rufe baki. Ashe matata, da yake ta san halina, ta faɗa musu ba zan wuce yau ban zo ba, shi kuma ya aika an kira mutane.

Aka yi gaisuwa, doguwa, ba wanda ya rage ko kalma ɗaya saboda fushi. Sannan Kawu ya gyara murya ya ce yaro ya yi kuskure, amma akwai sauran magana a cikin waya da ba ta iso ba, in an yarda a duba.

Baffa bai dube ni ba. Ban da amsa gaisuwa, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba tun da na auri 'yarsa, ta bakin wani yake bi. Ya juya wajen ɗansa, mai awaki, wanda ke raɓe yana ta sunkuyar da kai.

"Ka ce ma Malam shi aje wayarshi tukuna. Ba waya ta kawo mutane ba."

Ya ɗaga hannu. Sai ga kwanoni suna fitowa daga cikin gida. Tuwo, miya, zabi biyu, dambu, ƙwaryar fura da nono wadda sai da aka riƙo ta da hannu biyu. Aka jere su a gabana, ni kaɗai, aka buɗe.

"Ka ce mashi shi ci."

Na dubi kwanonin, na dubi mutane. Na ce a hankali, "Baffa, alhamdu lillahi..."

Kawu ya sa gwiwar hannu ya zungure ni a haƙarƙari. "In ka ce ka ƙoshi," ya raɗa mini, "ni da kaina zan riƙe masu matar."

Na wanke hannu. A gaban surukina, a gaban liman, a gaban dattawan da ban san sunan rabinsu ba, na yi bisimilla na gutsiri tuwo. Lomar farko ta tsaya mini a wuya don kunya. Ta biyu ta wuce. Daga ta uku kuwa, Allah Ya gani, watanni na yi ina cin taliyar gwauro, hannuna ya daina shawara da ni. Wani tsoho ya ce, "A'a, ashe yana da baki." Aka fara murmushi. Na kama cinyar zabo, liman ya ce, "Malam, a hankali, ba kora ake ba."

Ina cikin ci Baffa ya fara magana, har yanzu da ɗansa yake yi, amma da ƙarfin da kowa zai ji.

"Ka ce mashi, gidan nan da can baƙo ba ya wucewa bai sha nono ba, ko ba mu san shi ba. Shanun da suka tahi a shekarun nan na tashin hankali sun tahi, ba mu kai ƙara wurin kowa ba sai Allah. Abin da ya rage kaɗan ne. Amma duk ranar da za shi zo, uwarku tun asuba take kama zabo. Kullum kwano shi dawo mata yadda ta kai. Ta ce mani ko abincinmu na daji ne bai yi mashi ba, na ce kunya ce, ki ƙyale yaro. Sai kuma aka karanta mani wanga abu."

Hannuna ya tsaya a cikin kwano. Ban taɓa tunanin inda kwanonin nan ke komawa ba, ni dai ina ganin na cika suruki mai kunya. Tausayin matar nan ya kama ni har idona ya kawo ruwa, na fake da yaji.

Sai a lokacin Baffa ya yarda a duba waya. Hannuna duk miya, Kawu ne ya zaro ta daga aljihuna. Na sa ya buɗo hotunan daga ma'ajiyar wayar, inda ba ruwansu da sabis, ya miƙa wa mai awaki. Shi ya riƙa ja yana karantawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, fuskokin dattawa suna ƙara ɗaurewa. Ya kai na biyar, laifin wa. Ya ja. Hoton ya fito tar, ga kwanon Inna mai fure, ga faifanta, ga zabo. Ya karanta, "An kawo komai. Ni ne na ce na ƙoshi."

Liman ne ya fara, dariya ta ƙwace masa ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Sai wurin ya ɓarke. Wani dattijo mai farin gemu ya ce shi a zamaninsa ya taɓa kwana biyu a gidan surukai a kan goro ɗaya. Wani ya ce ƙarya yake, an gan shi a bayan rumbu da ƙosai. Wayar ta riƙa yawo, kowa sai ya ce a mayar masa farko ya ja da kansa. Na dubi mai awaki na ce, "Kai kuma, da ka yi haƙuri ka ƙara tsayuwa a kan tudun nan fa?" Ya ce, "Malam, awaki na sun shiga gonar mutane, in tsaya jiran zobenka?"

Baffa ya karɓi wayar a ƙarshe. Ba ya karatun boko, hoton ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa ɗansa.

"Ka ce mashi, wanga na ƙarshe shi sa ma kowa a waya kahin shi bar garin nan. Duk wanda ya samu biyar shi samu na shida."

Haka aka yi. Samari suka yi layi ina tura musu kai tsaye daga waya zuwa waya, da hannun hagu, domin Baffa bai ce in daina ci ba. Dambu ya ƙare. Zabo na biyu Kawu ya taimaka mini da fiffike ɗaya a ɓoye. Furar ce ta kusa kashe ni, na sha har na ji numfashina yana fita da ƙyar, na sassauta mazugin wando a ƙarƙashin riga ina fatan ba wanda ya gani. Duk wannan kuwa ba a ce uffan a kan matata ba. Ina kallon bakin Baffa ta cikin rawani, ba na iya tambaya, Kawu ma ya yi kamar ya manta abin da ya kawo mu.

Da na kai ludayin ƙarshe na kife shi, Baffa ya leƙo ya duba kwanonin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba dabba a kasuwa. Ya ce a kai su ciki haka nan, kada a rufe.

Mai awaki ya tattara su ya shiga gida. Muka bi shi da kallo. Can sai muka ji guɗa ta tashi daga tsakar gida, doguwa, muryar Inna ce tana rawa, wasu matan suka amsa mata, jariri ya farka ya sa kuka. Baffa ya ƙara jan rawani ya rufe har hanci, amma kafaɗunsa suna motsi.

Ya miƙe ya ɗauki buzunsa. Ɗansa yana ciki, ba wanda zai aika da magana. Ya ɗan tsaya yana neman ta bakin da zai bi, ya dubi liman, ya dubi Kawu, sannan ya dube ni.

"Malam," ya ce, "ka gyara ɗaki. Juma'a suna tahe."